Layi biyu, baki ɗaya: abin da ya sa ake cewa wayarka a kashe take alhali kana kan magana

Ran Alhamis ɗin da ta wuce wani Alhaji mai sayar da wake ya zo teburina nan gefen Kasuwar Dole a Damagaram, ya dire waya a gabana ya ce, "Yaro, duba min wannan abar, ko dai ka gyara ta ko na ba yara su yi wasa da ita." Na ce Alhaji lafiya, me ta yi? Wai direbansa ya taso daga Matamai da kaya, taya ta fashe a hanya, ya kira shi sau huɗu ana ce masa ba a samun lambar, shi kuma wallahi wayar tana hannunsa, ba ta mutu ba, rezo cike, ko kira ɗaya da ya kuskure bai gani a ekaran ba. Kuma ba ranar aka fara ba, don ko a gida uwargida ta sha ce masa yana kashe waya in ya fita, har abin ya fara zama magana.

Tambaya ɗaya na yi masa. Na ce Alhaji, lokacin da direban ke nemanka, ba ka kan magana da wani a ɗayan layin? Ya yi shiru, ya buɗe jerin kira, sai ga shi ya yi minti 23 yana ciniki da wani mutumin Kano a pus na ɗaya, direba kuma lambar pus na biyu gare shi. Na ce to wayarka lafiyarta ƙalau, haka aka ƙera ta. Bai yarda ba, kuma ban ga laifinsa ba, don duk wanda ya sayi waya mai layi biyu a ransa waya biyu ya saya a cikin gida ɗaya, kuma ba haka abin yake ba.

In ka buga wannan kod ɗin a wayarka za ka ga lamba biyu sun fito:

```
*#06#
```

Su ne IMEI, lambar shaidar waya, kowane ramin pus da tasa. Shi ya sa a wajen kamfanonin waya kai mutum biyu ne da waya biyu daban. Mu ce kana da Airtel a rami ɗaya da Moov ko Zamani a ɗayan, to kowane kamfani ya san da layinsa kawai, bai san akwai wani maƙwabci a cikin wayar ba, ba sa gaisawa ba sa ba juna labari. Amma in ka kwance bayan wayar, abin da ke aikawa da karɓar sigina, wanda mu masu gyara muke ce wa rediyo (ba rediyon jin labarai ba, ɓangaren da ke magana da anten ɗin kamfani), a mafi yawan wayoyin da ke hannun mutane guda ɗaya ne tak. Pus kansa ba ya kama rezo, shi katin shaida ne kawai, rediyon ne ke aikin. Kati biyu, ma'aikaci ɗaya. A kwali ko a takardar bayanin waya za ka ga an rubuta Dual SIM Dual Standby, ko a taƙaice DSDS, kuma kalmar ƙarshen nan ita ce gaskiyar maganar: layi biyun suna iya zaman jira tare, amma ba sa iya aiki tare.

Na ce wa Alhaji, ka ɗauka kana da rumfa biyu a kasuwa, ɗaya a layin masu hatsi ɗaya can wajen masu atamfa, yaron shago kuma ɗaya gare ka. Muddin ba mai saye, yaron na iya riƙe duka biyun, ya leƙa nan ya ruga ya leƙa can. Ya ce wannan kam na sani, na taɓa yi.

To yadda leƙen yake a waya. Wayar da ba a kira da ita ba wai kunnenta a buɗe yake kullum ba, in da haka ne batir ba zai kai azahar ba. Barci take yi, tana farkawa lokaci-lokaci ta saurari anten ko ana cigiyarta. Shi anten yana da wata tasha da yake shela a kai, wane ana nemanka, wane ana nemanka, kuma kowane layi an yanka masa lokacin da za a kira sunansa, wayar ta san lokacin tun daga lissafin lambar da ke cikin pus. A 2G tazarar farkawar tana tsakanin kusan rabin sakan zuwa sakan 2 da ɗan ɗoriya, gwargwadon yadda kamfani ya saita. A 4G zaɓi huɗu ne, sakan 0.32 ko 0.64 ko 1.28 ko 2.56. Sauraren kansa kuwa ɗan mitsitsi ne, ko ƙiftawar ido bai kai ba. Ka ga kenan a cikin kowane sakan ɗaya rediyon kusan zaman banza yake, shi ya sa yake da sararin ya juya kan mitar kamfani na ɗaya ya saurara, ya koma kan mitar na biyu ya saurara, kai kuma kana kallon sandunan rezo biyu a saman ekaran kana cewa duka suna aiki. Suna aiki ɗin, amma bi da bi.

Ko kana kan intanet ma haka yake yi. Kana kallon bidiyo da forfe ɗin layi na ɗaya, rediyon na satar jiki ya leƙa layi na biyu ya dawo, abin da ya ɓata a ɗan tsakanin sai a sake aiko shi, ba ka ma sani ba, iyaka dai gudun ya ɗan ragu. Data tana da haƙuri, in guntu ya makara ba wanda ya mutu.

Murya ce ba ta da wannan haƙurin. Da ka ɗaga kira, anten zai ba wayarka gurbi nata na kanta, kuma dole ta riƙa cika gurbin ba fashi. A 2G an yanka lokaci gida-gida, kowane zagaye bai kai kashi 5 cikin 1000 na sakan ba, an raba shi gurbi 8, wayarka na da nata a kowane zagaye, wato sama da sau 200 a sakan ɗaya tana aikawa tana karɓa, a tsakani kuma tana auna ƙarfin anten na kusa ko za a miƙa ta gare su. Ina sararin zuwa wata rumfa? Kuma ko da ta saci ji, ta ji ana shelar ɗayan layin, jin kaɗai ba ya wadatarwa, sai ta amsa, ta ce ga ni, a ba ta hanya, a tantance pus, sannan ne ma kamfani zai gaya mata lambar mai kira. Amsawar nan baki take buƙata, wato ɓangaren aikawa, shi kuma yana can an riƙe shi da cinikin wake. Don haka wayar sai ta saki layi na biyu gaba ɗaya har a gama. A wasu wayoyin in ka duba sama lokacin da kake magana za ka ga sandunan ɗayan layin sun bushe ko an sa musu alamar kuros, wasu kuma sai su bar sandunan yadda suke, su ne ma suka fi rikita mutane.

Yanzu ga inda rigimar gida take tasowa. Mutane suna zaton mai kira zai ji alamar layi na aiki, irin ɗit ɗit ɗin nan, ya gane kana magana ya haƙura. Hakan na faruwa ne in ya kira layin da kake magana a kai kuma ba ka kunna jiran kira ba, don kamfanin ya san kana kan kira, shi ya haɗa ka. Amma kamfani na biyu bai san komai ba. A littafinsa layinka na nan a kunne, a yankin Damagaram aka gan shi na ƙarshe, sai ya sa anten-anten ɗin yankin su yi shela, shiru, ya sake, shiru, in lokacin da ya ɗiba ya cika sai ya ce wa mai kira ba a samun wannan lambar, ko ya tura shi akwatin saƙon murya. Wanda ya zo rumfa ta biyu ba yaro ya tarar yana ciniki da wani ba, rumfa ya tarar ba kowa. Kuma tunda kiran bai taɓa isowa wayar ba, ba abin da za ta rubuta a jerin kiran da aka kuskure. Alhaji bai yi ƙarya ba, direba ma bai yi ƙarya ba, uwargida ma abin da kunnenta ya ji ta faɗa. In kamfaninka na da tsarin nan na turo mesaj cewa lamba kaza ta neme ka, to shi ne kawai shaidar da za ka gani, shi ma daga baya.

Akwai wata 'yar dabara ta bambance wayar da aka kashe da wadda ke kan ɗayan layin, ba kullum take ci ba amma yawanci tana ci. Waya in an kashe ta da maɓalli yadda ya kamata, kafin ta mutu tana sallama da kamfani, ta ce na tafi, saboda haka mai kira na bugawa nan take matar nan za ta fara magana. In kuwa mutum na kan ɗayan layin ne ba a yi sallama ba, sai an yi cigiya tukuna, mai kira zai ji shiru na 'yan sakanni, kamar kiran zai shiga, sannan sanarwa ta zo. Sai dai shirun nan iri ɗaya ne da na wanda ya shiga inda ba rezo ko wanda batirinsa ya fita ba shiri, don haka kar wata ta riƙe wannan ta ce hujja ce a kotu.

Da na ga Alhaji na gyaɗa kai irin na wanda bai gamsu ba, na ce bari mu gwada a gabanka. Na karɓi wayar maƙwabcina mai sayar da caja, na haɗa da tawa. Da tawa na kira layinsa na ɗaya, ya ɗaga, muka ajiye su a tebur a buɗe. Na ba shi wayar maƙwabcin na ce buga lambarka ta biyu da hannunka. Ya buga ya kara a kunne, shiru, yana kallon wayarsa a tebur ko motsi ba ta yi ba, can sai ga sanarwa. Na ce to yanzu buga ta ɗaya, wadda ake magana a kai. Nan take wayarsa ta yi ɗan ƙara, lambar maƙwabcina ta fito a ekaran tana jira. Ya ce "Ikon Allah, wato wanda ya kira layin da nake kai ya fi samuna a kan wanda ya kira layin da ba kowa." Na ce ka gama fahimta Alhaji, ko ni ban iya faɗarta haka ba. Muka kashe kiran, ya sake buga ta biyu nan da nan, bai shiga ba, ya ƙara bugawa sai ta yi ringin. Wannan ma daidai ne, bayan an ajiye kira rediyon na buƙatar ɗan lokaci ya koma ya nemo anten ɗin ɗayan kamfanin, in kuma a mota kake ka yi nisa da inda ka fara maganar, neman ya fi daɗewa tunda anten ɗin da ya bari ba shi ne a kusa ba yanzu.

Duk mai son sanin irin wayarsa, gwajin kenan, waya uku da minti biyu. Kuma ba ruwan abin da ko layukan na kamfani ɗaya ne ko daban, ko pus biyu na kamfani guda ka sa haka za ta yi, kuma eSIM ɗin da ke cikin sabbin wayoyi bai canza komai ba, kati ne shi ma, ba rediyo ba.

Mesaj shi da sauƙi, ba ya ɓata. Kamfani na ajiye shi ya sake gwadawa, in ka gama magana zai shigo, wani lokaci nan take wani lokaci sai ya ɗan jima. Inda yake cizo shi ne lambar sirri ta taransfar ko ta banki, wadda ke mutuwa bayan 'yan mintuna. Sau nawa na ga mutum a gaban mai taransfar, yana waya da ɗan'uwansa a layi ɗaya yana cewa "tsaya kar ka kashe, yanzu kod ɗin zai shigo", alhali kod ɗin ɗayan layin aka tura, kuma ba zai shigo ba sai ya kashe ɗin. Haka kod masu tauraro na duba kiredi ko tura kuɗi, ba za su tafi a layi na biyu ba kana kan kira a na ɗaya.

Sai intanet, wanda shi ne ya fi damun samari. Forfe na layi na ɗaya, kana kiran bidiyo a WhatsApp, sai wani ya kira layi na biyu kira na kiredi. A idon rezo kiran WhatsApp ba kira ba ne, data ce kawai, saboda haka rediyon na ci gaba da leƙensa, zai ji shelar, kuma murya ce ke da gaba a kan data. Wayar na fara ringin hoton zai daskare, in ka ɗaga kuwa intanet ya tsaya cak har ka gama. Wanda ke raba wa abokai konekisiyo daga wayarsa ya san wannan, ana kiransa kowa a majalisa sai ya ɗago kai. Amma in a kan Wi-Fi kake ba abin da zai tsaya, don Wi-Fi rediyonsa daban ne a cikin wayar. Wasu wayoyin suna da wani saiti da ke cewa a bar data ta koma kan layin da ake kira da shi na ɗan lokacin, yana aiki in layin na kan 3G ko yana da VoLTE, wato kiran murya a kan 4G, sai dai a kula, in ba forfe a wancan layin kiredinka zai sha.

To mafita fa? Akwai, amma ba kyauta ba ce, kuma na fi son mutum ya san kuɗinta kafin ya kunna. Tunda wanda ya kira layin da kake kai yana samunka, dabarar ita ce ka ce wa kamfani na biyu, duk lokacin da ka neme ni ba ka same ni ba, tura kiran zuwa ɗaya lambar tawa. Abu biyu ake haɗawa. Na farko jiran kira a layin da za a turo wa, don in ba shi mai kira alamar layi na aiki kawai zai ji:

```
*43#     kunna jiran kira
*#43#    duba ko a kunne yake
```

Na biyu tura kira in ba a same ka ba, kuma wannan a kan layin da ake rasa ka za ka buga shi, ka lura da pus ɗin da ka zaɓa wajen bugawa don nan mutane ke kuskure:

```
*#62#              duba inda yake turawa yanzu
**62*LAMBA#        tura zuwa LAMBA
##62#              soke turawar
```

A wurin LAMBA ka sa ɗayar lambarka, gara ka fara da +227. Ka fara buga na dubawar ka rubuta lambar da ta fito a takarda, don sau da yawa za ka tarar kamfani ya riga ya sa tasa a wurin, ta akwatin murya ko ta mesaj ɗin wane ya neme ka, kana sa taka ka ture tasu, ranar da ka so komawa sai ka rasa. In kana so ta yi aiki ta kowane ɓangare sai ka yi wa layukan biyu, kowanne ya tura wa ɗan'uwansa. Wayoyin Samsung suna da wannan a cikin saitin pus da sunan Dual SIM always on, mutane na zaton wani sihiri ne da ke kunna rediyo na biyu, alhali kod ɗin nan ne yake buga maka a ɓoye, ba ƙari.

Muka yi wa Alhaji, muka maimaita gwajin. Wannan karon da ya buga lambarsa ta biyu, an yi shirun nan na cigiya, har ya fara cewa bai yi ba, sai wayar ta yi ƙara, kiran ya shigo ta layi na ɗaya yana jira. Ya ɗaga, na farkon ya koma riƙo, duka biyun yanzu a hannun kamfani ɗaya suke shi ya sa rediyo ɗaya ya ishe su. Ya yi dariya har da tafi. Na ce tsaya Alhaji, duba kiredin layi na biyu. Ya ragu.

Dalili kuwa, kiran da aka tura gaɓa biyu ne. Mai kira ya biya tasa gaɓar zuwa lambar da ya buga kamar kullum, gaɓar da ta tashi daga layinka na biyu zuwa na ɗaya kuwa kai ne mai biya, kamar kai ka buga, kuma in kamfanonin daban ne farashin kiran wani rezo za a cire. Mu ƙaddara minti ɗaya dala 20 ne, misali kawai na bayar, direba ya riƙe ka minti 6 yana bayanin taya, ka ga dala 120 ta tafi a kiran da kai aka kira. In kiredin ya ƙare turawar ta tsaya ba tare da an gaya maka ba, kuma ba kowane forfe na minti ne ke ɗaukar kiran da aka tura ba, wani kai tsaye daga kiredi yake ci, wani tsarin ma ba ya yarda da turawar sam sai kod ɗin ya dawo maka da kuskure. Sannan kamfani bai san dalilin rashin samunka ba, shi dai bai same ka ba. In ka tafi ƙauye wajen Tanut inda layi na biyu ba ya kamawa na ɗaya na kamawa, duk kiran da aka yi wa na biyu zai biyo ta wannan hanyar, abin daɗi ne ta wani gefen tunda ana samunka, amma kwana uku kana biyan kuɗin gaisuwar mutane. Masu zirga-zirgar Magarya da Kano da ke haɗa layin Nijar da na Najeriya a waya ɗaya, ku kam kar ku kusanci wannan, turawar ta zama kiran ƙasar waje. Wanda ya rikice bai san me ya kunna ba, `##002#` na share duk wata turawa a layin da aka buga shi.

Akwai wayoyin da ba su da wannan matsalar, masu Dual SIM Dual Active, DSDA, su baki biyu gare su, kana magana a nan ɗayan na iya ringin. Ba su yi yawa ba don hanyar aikawa ta biyu kuɗi ce, wuri ne a cikin wayar da ba wuri, cin batir ne da zafi, ga kuma wahalar hana mai aikawa ɗaya toshe kunnen ɗan'uwansa tunda dab da juna suke. Wasu manyan wayoyi na yanzu masu 5G sun dawo da shi, shi ma ba a kowane haɗin mita ba. Tsada kaɗai ba ta nuna shi, iPhone tun daga XS na 2018 da ya fara layi biyu DSDS ne. Abin da irin su ke yi shi ne in kamfanin ɗayan layin ya buɗe kira ta Wi-Fi, sai kiran ya biyo ta intanet ya iso, wato ya shigo ta taga tunda ƙofa a riƙe take, in kamfani bai buɗe ba kuwa wayar jika ɗari biyar da ta jika goma duk amsa ɗaya mai kira zai ji. Don haka in mai shago ya ce maka layi biyun na aiki lokaci guda, kar ku yi musu, ciro waya biyu ku gwada a wurin.

Yaushe ne laifin wayar da gaske? In an neme ka an rasa kuma ka duba jerin kira ba ka kan kowane kira a wannan lokacin. Sau ɗaya jefi-jefi ba komai ba ne, yakan faru lokacin leƙen layi biyun ya faɗo daidai da juna rediyon ya zaɓi ɗaya, kodayake kamfani na maimaita shela don haka yawanci ana dacewa a ta biyu. In abin ya yi yawa, ni abin da nake fara yi shi ne musanya pus ɗin, na ɗaya ya koma rami na biyu. In matsalar ta bi pus, to katin ne ko rezon kamfanin a unguwar, in ta tsaya a ramin, ramin ne, ƙura ko ƙafar da ta lanƙwashe, kuma da ƙurar garin nan ta lokacin hunturu ba abin mamaki ba ne. Tsofaffin wayoyi masu 4G kuma da yawansu layin da ke da data ne kawai ke hawa 4G, ɗayan a 2G yake zaune, saboda haka in 2G ɗin kamfanin ba ƙarfi a ɗakinka za a riƙa rasa ka a wannan layin ko ba ka kan kira, kana mayar da data kansa sai ka ga ya warke, ɗayan ya kama ciwon.

Alhaji dai ya zauna ya yi lissafinsa na 'yan kasuwa. Ya ce in cire turawar daga layin da abokan ciniki ke kira, don su in sun rasa shi za su sake nema, ba zai biya kuɗin surutunsu ba. Na buga masa `##62#` a kai, na mayar da lambar kamfani da muka rubuta a bayan rasit. Na layi na biyu kuma ya ce shi ma a cire, ya zaro wata tsohuwar ƙaramar waya mai maɓalli daga aljihun 'yar-ciki, batirinta ɗaure da roba, ya ce in sa mata pus ɗin, daga yau wannan ta gida ce da direbobi. Na busa ramin na sa, ta kama rezo sanda huɗu. Ya kira uwargida a gabana da babbar wayar, yana cikin cewa "Hajiya, ga mai gyara nan zai miki bayani da bakinsa", sai ƙaramar ta hau ruri a tebur, direba ne, wai ya iso tasha.